Wasiƙa ta Biyu: Nasiha ga Ɗalibin da Kuɗinsa Suka Maƙale a Ofishin Ma'aji

Ƙannena ɗalibai, maza da mata, tun da asusun bai wa ɗalibai rance na NELFUND ya buɗe shafinsa a watan Mayun 2024, wata sabuwar damuwa ta shigo manyan makarantunmu. Asusun ba ya damƙa wa ɗalibi kuɗin makaranta a hannu. Makarantar yake tura wa kai tsaye, ɗalibi kuwa naira 20,000 ta kashewa ce ke shiga asusunsa duk wata, idan ya nemi wannan ɓangaren. To amma rajista ba ta jiran kowa. Ranar rufewa na matsowa, rance bai fito ba, sai mahaifi ya fitar da buhunan masara kasuwa, ko mahaifiya ta roƙi a ba ta kwasar adashi kafin lokacinta, a je a biya. Bayan wata biyu ko uku sai kuɗin asusun su iso. Ke nan makaranta ta karɓi kuɗin shekara ɗaya sau biyu, kuma biya ɗaya naka ne. Asusun da kansa ya umarci makarantu su mayar wa irin waɗannan ɗalibai kuɗinsu, kuma a 2025 ƙorafi ya yi yawa har hukumar ICPC ta sanar da buɗe bincike kan yadda ake tafiyar da kuɗin rancen. Makarantu da dama sun biya. Amma ko inda ake biya, ba a rasa wanda ya cika takarda tun da daɗewa, abokansa sun ga alat, shi kuwa shiru, kullum ya je ofis sai a ce masa "ana kan aiki, ka dawo wani satin."

Da irin wannan ɗalibin nake magana. Kafin komai ka san cewa haƙura da kuɗin nan ba alheri ka yi wa kowa ba. Rancen yana nan rubuce da sunanka cif-cif, kuma shekara biyu bayan ka gama hidimar ƙasa za a fara nemansa daga gare ka. Idan ka bar wa makaranta abin da iyayenka suka biya, ka biya kuɗin shekara ɗaya sau biyu, na farko da guminsu, na biyu da naka.

Yawancin wasiƙun bibiya da nake gani suna faɗuwa ne saboda mai rubutawa bai san hanyar da takardarsa ke bi ba. Yana zaton akwai wani mutum ɗaya da ya zauna a kan kuɗinsa don mugunta, sai ya cika shafi biyu da kuka da Allah ya isa. A gaskiya takardar neman mayar da kuɗi a makarantar gwamnati tana ratsa tebura da yawa. Akawun karɓar wasiƙu zai shigar da ita littafi. Ma'aji ko mataimakinsa zai yi ɗan rubutu a gefenta ya tura wa sashen da ke kula da asusun ɗalibai. A can za a duba abu biyu: shin ka biya da kanka, kuma shin sunanka yana cikin jerin da asusun rance ya haɗo da kuɗinsa? Domin asusun ba ɗaya-ɗaya yake turo kuɗi ba, a dunƙule yake turowa tare da jerin sunaye. Idan an tabbatar, sai a rubuta bauca, ta tafi wurin masu binciken kuɗi na cikin gida, wato odita, su sa hannu, sannan a nemi amincewar shugaban makaranta, daga nan a ba da umarnin biya. A makarantun tarayya kuɗin suna cikin asusun bai-ɗaya na gwamnati, wanda aka tilasta amfani da shi tun 2015, don haka ba wani akawu da zai buɗe durowa ya ƙirgo maka. Tsarin kan ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma ƙashin bayansa ke nan.

Takardar da ta yi wata uku ba labari, a ɗaya daga cikin teburan nan ta tsaya, kuma akwai dalili. Aikin wasiƙa ta biyu shi ne ta gano teburin, ta sa wanda ke da iko a kansa ya motsa ta. Duk jimlar da ba ta taimaka wa wannan ba, cire ta.

Saboda haka kada ka fara da biro, fara da ƙafa. Ɗauki kwafin takardarka ta farko mai hatimin karɓa, ka je wurin akawun da ke riƙe da littafin shige da ficen takardu a ofishin ma'aji. Ka gaishe shi yadda ake gaida babba, ka nuna masa ranar da ke kan hatimin, ka roƙe shi ya duba maka inda aka tura ta da ranar da aka tura. Waɗannan littattafai manya ne, masu jan layi, kowace takarda da ranar shigarta da ofishin da ta nufa da sa hannun masinjan da ya kai. Mutane suna raina akawun nan, suna ɗokin ganin mai babbar kujera, alhali shi ne kaɗai zai iya buɗe shafi ya ɗora yatsa ya ce maka: "Ga ta nan, ta fita zuwa sashen asusun ɗalibai tun goma ga wata." Rubuta abin da ya faɗa nan take. Sai ka bi ta can, ka yi tambayar da ke da amsa. "Yaya maganar kuɗina?" ba ta da amsa sai "ana kan aiki." Amma idan ka ce, "Ranka ya daɗe, sunana ya fito a jerin da asusun ya turo? An rubuta bauca? Ta wuce odita?" to dole a ce e ko a'a, ko a ce ba a sani ba, kuma kowanne daga cikinsu abin rubutawa ne.

A wannan zagayen ne sau da yawa za ka tarar matsalar ƙarama ce, ba wanda ya ɗauki waya ya gaya maka ne kawai. Wani sunansa a makaranta Muhammad, a banki Mohammed, ko an sa sunan mahaifi a gaba a nan, a baya a can. Wata ta ba da lambar asusun yayanta don nata yana da matsala, ma'aji kuwa ba zai tura kuɗin gwamnati cikin asusun da ba sunan mai haƙƙi ba. Wani lambar rajistarsa ce aka yi kuskuren harafi ɗaya a jerin sunaye. Wani kuma ya ga an amince da rancensa a shafin asusun sai ya ɗauka kuɗi sun iso, alhali amincewa daban, turo kuɗi daban. Makaranta ba za ta mayar da abin da bai shigo mata ba. Akwai kuma wanda makaranta ta ajiye masa kuɗin a matsayin na shekara mai zuwa ba tare da ta sanar da shi ba. Idan aji ɗaya ko biyu kake, wataƙila ka yarda da hakan, amma a ba ka a rubuce. Idan ajin ƙarshe kake, babu wata shekara mai zuwa, kuɗinka za a ba ka.

Mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Alƙaluman na kwatance ne, ka sa naka a gurbinsu. A ce wata ɗaliba 'yar aji uku a wata jami'ar tarayya ta biya naira 95,000 ta Remita a watan Janairun 2025. Ban da wannan ta biya 7,500 na ƙungiyar ɗalibai da na sashe, a wani rasit daban. A watan Maris shafin asusun ya nuna an tura wa jami'a 95,000 da sunanta. Ranar 8 ga Afrilu ta kai takardar neman a mayar mata, aka buga mata hatimi. Har tsakiyar Yuli shiru. Da ta bi sawu sai ta gano takardar ta shiga sashen asusun ɗalibai ranar 10 ga Afrilu, kuma littafin sashen bai nuna ta fita ba.

Abin da za ta nema 95,000 ne, ba 102,500 ba. Wannan wuri ne da ɗalibai ke yawan yi wa kansu. Abin da aka biya sau biyu shi ake mayarwa. Idan adadin da ka rubuta bai dace da abin da ke jerin asusun ba, ko da naira ɗari biyar ne, odita zai dawo da baucar, ta koma ƙasan tari, ka ƙara wata guda.

Wasiƙar da Turanci za ta rubuta ta, tunda shi ne harshen aikin ofis a Najeriya, amma ga ma'anarta. A sama dama adireshinta da kwanan wata, 14 ga Yuli, 2025. A hagu: zuwa ga Ma'ajin Jami'a, ta hannun Shugaban Sashen Kula da Harkokin Ɗalibai. Sai kanu a layi ɗaya, da manyan baƙaƙe: tunatarwa kan neman mayar da naira 95,000, kuɗin makaranta na shekarar karatu kaza, sai sunanta da lambar rajistarta. Sannan jikin wasiƙar:

"Ranka ya daɗe, ranar 8 ga Afrilu, 2025 na gabatar da takardar neman a mayar mini da naira 95,000, kuma ofishinka ya karɓa a wannan rana, kwafin mai hatimi yana haɗe. Na biya wannan adadi da kaina a watan Janairu, lambar biyan kaza ce, sannan asusun NELFUND ya biya jami'a irin wannan adadi da sunana a watan Maris, na shekarar karatu ɗaya.

"Da na bibiya ranar 10 ga Yuli, littafin ofishin ya nuna an tura takardar sashen asusun ɗalibai ranar 10 ga Afrilu, kuma ban samu shaidar ta wuce nan ba. Yau wata uku ke nan ban samu biya ko bayani ba.

"Ina roƙon a biya kuɗin cikin asusuna da ke ƙasa, wanda ke ɗauke da sunana kamar yadda yake a rajistar jami'a. Idan akwai wata takarda da ta rage ko wani kuskure a bayanaina, ina roƙon a sanar da ni a rubuce ko ta lambar wayata don in gyara. Zan dawo ofishin ranar Litinin, 4 ga Agusta, don jin matsayin da ake ciki. Na gode."

Sai sa hannu, cikakken suna, lambar rajista, sashe da aji, lambar waya, sunan banki da lambar asusu mai lamba goma. A ƙasa jerin abin da aka haɗa, kowanne da lambarsa: kwafin wasiƙar farko, rasit ɗin Remita mai lambar RRR, hoton shafin asusun da ke nuna an tura kuɗin, takardar rajistar shekarar, da katin shaidar ɗalibi.

Shi ke nan, ba ta cika shafi ɗaya ba. Ku lura babu labarin masarar da aka sayar, duk da cewa gaskiya ne kuma yana da ciwo. Ma'aji ba shi da gurbin da zai shigar da tausayi a bauca. Lambar biya da adadi da kwanan wata yake nema. Idan akwai larura ta gaske mai rana, kamar kuɗin haya da za a kore ki a kai ko kammala karatu da ke tafe, jimla ɗaya ta isa. Ku lura kuma ba ta ambaci sunan ma'aikacin da takardar ke kan teburinsa ba, sashen kawai ta faɗa. Da gangan ne. Ba ta san abin da ya tsayar da shi ba, kuma ko an jima ko an daɗe hannunsa ne zai rubuta baucar.

Jimlar da na fi so a wasiƙar ita ce wadda ta ce idan akwai abin da ya rage a gaya mata. Tana buɗe wa ofis ƙofar fita ba tare da kunya ba, tana kuma rufe ƙofar "ai takardunta ne ba su cika ba" da za a iya fakewa da ita nan gaba. Ranar da ta sa kuwa ba barazana ba ce. Ɗaliba ba ta da ikon ba ma'aji wa'adi, kuma wasiƙar da ta ce "cikin awa arba'in da takwas ko in ɗauki mataki" dariya kawai za ta ba mutane. Abin da ta faɗa shi ne ranar da ita za ta dawo. Mako uku lokaci ne da ya ishi bauca ta ratsa odita idan an ga dama, kuma idan ranar ta wuce ba labari, ta samu hujjar hawa sama.

Kai wasiƙar ma aiki ne. Buga kwafi uku. Shugaban harkokin ɗalibai zai sa hannu ya rubuta cewa ya tura, sai ki kai ofishin ma'aji da kanki in an yarda, ki tsaya a buga miki hatimi a naki kwafin, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Idan an ce hatimi yana wurin wanda ya fita, jira, ko ki dawo da takardarki gobe. Kada ki bar ta a kan tebur bisa alkawarin baki. Kada kuma ki taɓa ba da rasit na asali; fotokwafi ake haɗawa, na asali a nuna a mayar jaka. Da kin fito ki ɗauki hoton kwafin mai hatimi da waya ki tura wa kanki ta imel, don takarda na jiƙewa, waya na ɓata.

Wanda kuma tun farko bai karɓi hatimi ba, ko ta wani fom na intanet aka ce a cika, ko suna kawai ya rubuta a wata takarda da aka zagaya da ita a aji, bai yi asara ba, sai dai ya san matsayinsa. A idon ofis babu tabbacin ya taɓa nema. Sai ya rubuta wannan wasiƙar a matsayin cikakkiyar buƙata, ya ambaci ranar da ya cika fom ɗin da hotonsa in yana da shi, ya haɗa komai sabo. Lissafin kwanakinsa daga ranar hatimin nan zai fara.

Yanzu a ce 4 ga Agusta ta zo, ta je, an sake ce mata ana kan aiki. A nan ne ake hawa mataki na gaba, kuma a nan ne mutane suka fi ɓata lamarinsu. Wasu tun ranar farko suke rubuta wa shugaban jami'a, da minista, da duk wanda suka ga sunansa a jarida. Ku fahimci abin da ke faruwa da wasiƙar da ta isa babban ofis. Shugaban jami'a ba ya rubuta bauca, bai kuma san sunanki ba. Zai karanta kanun, wataƙila da sakin layi na farko, ya ɗauki biro ya rubuta layi ɗaya a gefe: "Ma'aji, a duba a ba ni bayani." Wasiƙar za ta gangaro ta hanyar da ta farko ta bi, ta sauka a kan teburin nan dai da ta farko ke kwance. Bambancin kawai shi ne yanzu tana ɗauke da rubutun shugaba, kuma wani zai amsa tambaya. Daga wannan abu biyu ke fitowa. Na ɗaya, duk zagin da kika rubuta, wanda kika zaga zai karanta shi da idonsa, kuma fayil ɗinki na hannunsa. Na biyu, idan ba ki taɓa rubuta wa ma'aji ba, amsarsa mai sauƙi ce: "Ba ta kawo mana koke ba." Magana ta mutu. Amma idan ga hatimin Afrilu, ga na Yuli, duka daga ofishinsa, babu abin faɗa sai dalili na gaskiya ko biya.

Don haka wasiƙa ta uku ta fi ta biyu gajarta. Zuwa ga shugaban jami'a, ta hannun shugaban harkokin ɗalibai, tunda a yawancin makarantu ɗalibi ba ya tsallake shi. Ta faɗi abin da ake bi da adadinsa a jimla ɗaya, sannan ta jero tarihin: an nema ranar 8 ga Afrilu, an tunatar ranar 14 ga Yuli, an koma ranar 4 ga Agusta, ba biya ba bayani. Sai roƙo guda, wanda shugaba zai iya aiwatarwa da layi ɗaya: ya umarci ofishin ma'aji ya biya, ko ya bayyana a rubuce abin da ya hana. A ƙasa a rubuta cewa an ba ma'aji kwafi, an ba magatakarda, kuma a kai musu da gaske, a karɓi hatimin kowa. Ba wa ma'aji kwafi ladabi ne, kuma dabara ce. Ba wanda ke son ya fara jin ƙararsa daga bakin maigidansa, kuma ba abin mamaki ba ne a nemo fayil ɗin tun kafin rubutun shugaba ya gangaro.

Akwai wani ofis da ɗalibai ke wucewa ta gabansa kullum ba su san amfaninsa ba, wato SERVICOM. Gwamnatin Obasanjo ce ta kafa tsarin a 2004 don sauraren koken jama'a kan yadda ma'aikatun gwamnati ke yi musu aiki, kuma jami'o'in tarayya suna da sashensa a cikin harabarsu. Ba su da ikon biyan ki, kada ki sa rai da wannan. Abin da suke iyawa shi ne su shigar da kokenki littafinsu, su taka da ƙafarsu zuwa ofishin da abin ya tsaya su tambaya a matsayin abokan aiki. Ƙarfinsu ya danganta da mutumin da ke riƙe da ofishin: wani wurin da rai, wani wurin allo ne kawai a jikin ƙofa. Duk da haka kai musu kwafi ba ya cin komai, kuma hatiminsu ƙarin shaida ne.

A misalinmu, a ce amsar da ta fito ita ce an rubuta lambar rajistarta da kuskure a jerin da aka tura, shi ya sa sashen bai ga sunanta ya dace da kuɗin ba, sai aka ajiye takardar gefe. Wannan amsa, ko da ba kuɗi ba ce, ci gaba ce babba. Yanzu ta san abin yi: ta karɓo takardar tabbatar da lambarta daga ofishin magatakarda, ta kai da 'yar gajeriyar wasiƙa mai ambaton amsar da aka ba ta, ta tambayi rukunin biya na gaba da za a sa ta. Ta tambayi wannan musamman, domin makarantu kan tara sunaye su biya rukuni-rukuni, kuma wanda aka gyara wa matsala bayan rukuni ya wuce yana iya sake zama idan bai bibiya ba.

Wani zai ce, me ya sa ba za mu haɗu mu hamsin mu rubuta wasiƙa ɗaya ba? Ku haɗu, yana da amfani, musamman idan ƙungiyar ɗalibai ce ta ɗauki maganar, domin hukuma ta fi jin taro. Amma ra'ayina shi ne kada wasiƙar taro ta maye gurbin taka. A cikin hamsin ɗin nan akwai wanda kuɗinsa ba su iso ba tukuna, akwai mai matsalar suna, akwai wanda ba shi da matsalar komai. Idan an amsa wa taro, amsar taro za a bayar: "ana tantancewa." Matsalarka ta kanka sai fayil mai sunanka.

Game da ɗora maganar a Fesbuk kuwa, na san yana sanyaya zuciya, wani lokacin ma yana sa a motsa. Sai dai kai ɗalibi ne a ƙarƙashin dokokin makarantar, kuma kiran wani ma'aikaci ɓarawo da sunansa ba tare da hujja ba yana iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa, ana bin ka bayani maimakon kai ka bi kuɗinka. Haka nan duk wanda ya ce ka ba shi wani kaso ya fito maka da kuɗin da wuri, ko ya kira ka a waya ya ce daga ofishin ma'aji yake, ka karanto masa lambar sirrin da banki ya turo maka, kashe wayar. Mai turo maka kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata.

Idan ka hau har ƙololuwar makaranta, ka ba da mako uku ko huɗu, ba amsa, to ka gama da cikin gida, kuma tarin takardunka masu hatimi su ne guzurinka na fita. Sanar da asusun NELFUND ta hanyar koken da ke shafinsa, tunda kuɗinsa ne kuma umarninsa ne aka ƙi bi. Sannan akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana da ofis a kowace jiha, kuma ba a biyan ko kwabo. Dokarta ta gindaya sharuɗɗa biyu da suka shafe ka kai tsaye. Ba ta karɓar koken wanda bai bi hanyoyin da ke gabansa ya ƙure su ba, shi ya sa hatiman nan suke da daraja. Kuma ba ta duba koken da aka kawo bayan wata goma sha biyu da faruwar abin da ake kuka a kai. Wanda ya yi shekara yana karɓar "ka dawo wani satin" da baki, ba takarda, yana iya zuwa ya tarar wannan ƙofar ta rufe.

Saboda haka, ƙanena, ƙanwata, duba ranar da ke kan takardarka ta farko yau ɗin nan. Idan ta haura wata biyu, gobe da safe ka je wurin akawun littafi ka gano inda ta tsaya, ka rubuta ta biyu kafin mako ya fita. Masu ajin ƙarshe kuma ku yi wannan tun kuna cikin makaranta, katin shaidarku na aiki, kafin a tura ku hidimar ƙasa wata jiha mai nisa inda kuɗin motar zuwa bibiya zai cinye rabin abin da kuke bi.